«Na ukun nan nake so»: yadda mai zane ke gane wane umarni ya haifi wane hoto

Tun daga 2022, shekarar da manhajojin Midjourney da Stable Diffusion suka shigo hannun jama'a, mai zane kan iya rubuta jimla ɗaya ya samu hotuna huɗu kafin shayinsa ya huce. Samar da samfura da yawa ya daina zama wahala. Wahalar ta koma ga lokacin da mai aiki ta duba samfuran ta ce, «Na ukun nan nake so, amma a sa masa launin na biyar.» Idan mai zanen bai san wane umarni ya rubuta ya samu na ukun ba, to hoton yana hannunsa amma ba zai iya gyara shi ta hanyar da ya fito ba. Sai ya shiga lalube, yana sake rubutu yana fatan sa'a, kuɗin data na tafiya, mai aiki kuma na jira.

A ɗauki misalin wata Hajiya mai sayar da zoɓo a gora, tana son takardar da za a manna wa gorar, mai tsawon santimita 20 da faɗin santimita 8. Abu na farko da mai zane zai tsayar shi ne wannan awon, wato biyar bisa biyu, domin in ya sauya shi daga baya, tsarin hoton gaba ɗaya zai sauya. Daga nan sai zagaye na farko, wanda manufarsa gano inda zuciyar Hajiya ta karkata. A nan ana son samfuran su yi nisa da juna sosai: A zane ne mai sauƙi irin na hannu, B kamar hoton kyamara na zoɓo da abarba a kan faranti, C kuma ado ne mai maimaituwa irin na atamfa. Uku sun isa. Wanda aka zube wa hotuna ashirin a waya ba ya zaɓe, ruɗewa yake yi, ƙarshe ya ce a haɗa masa duka wuri ɗaya.

A ce Hajiya ta ɗauki A. Zagaye na biyu shi ne inda ƙwarewa take, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: a sauya abu guda a kowane samfuri, a bar sauran yadda suke. Mai miyar da ta ƙara gishiri da daddawa da barkono a lokaci ɗaya, in miyar ta yi daɗi ba za ta san wanne ya gyara ta ba. Haka mai zanen da ya sauya launin bango da salon zane da yawan 'ya'yan itace a umarni guda. Hajiya za ta ce wannan ya fi kyau, amma ita da shi babu wanda zai iya cewa ga dalili.

Sai dai riƙe sauran abubuwa yadda suke ba ya yiwuwa da kalmomi kaɗai. Waɗannan manhajoji suna fara kowane hoto ne daga wani dishi-dishi mai kama da na talabijin da ba ta kama tasha ba, sannan su riƙa tace shi mataki-mataki har siffa ta bayyana. Wata lamba ce ke tantance wane dishi-dishi za a fara da shi, sunanta a allo `seed`. In ba ka ba da ita ba, manhajar za ta zaɓi sabuwa kowane karo, shi ya sa umarni ɗaya ke ba da hoto daban duk sanda aka maimaita shi. A Midjourney lambar na iya zama kowace daga 0 zuwa 4294967295. Ga yadda umarnin samfuri na farko a zagaye na biyu zai kasance:

```
roselle calyces and pineapple slices, flat illustration, cream background --ar 5:2 --no text --seed 4417 --v 6.1
```

Wannan shi ne A1, mai bango ruwan madara. A samfurin A2 sai a sauya launin bangon kaɗai zuwa kore mai duhu. A3 ya koma kan bangon A1, amma a cire abarba a sa citta. A4 kuma a bar komai irin na A1, lambar `seed` kaɗai za a sauya, don a ga wani jerin kayan daban. Yanzu in Hajiya ta ce tana son na uku da launin na biyu, maganarta ta zama umarni da kanta: citta daga A3, kore daga A2, lamba 4417.

Wajibi ne a san iyakar wannan dabara. Tsayar da lambar ba ya kulle hoto kamar kwaɗo. Sauya kalma ɗaya na iya gusar da abarbar daga dama zuwa hagu, ko ya ƙara ganyen da ba a nema ba. A Stable Diffusion, in na'ura da saitin duk ɗaya ne, maimaita umarni da lamba yakan dawo da hoton kusan sak. A Midjourney abin bai kai haka tabbas ba. Saboda haka, in gyaran da ake so ƙarami ne, kamar cire yanki ɗaya na abarba, gara a ɗauki hoton da aka zaɓa a shafe wurin kaɗai a sa manhajar ta sake cika shi, ko a gyara da hannu a Photoshop, maimakon a sake haifar da hoton daga tushe.

To, ina ake ajiye bayanin? A ganina, wuri uku, kuma kowanne na rufa wa ɗan'uwansa asiri. Na farko sunan fayil. Da zarar an sauke hoto, kafin a rubuta umarni na gaba, a sauya masa suna zuwa wani abu kamar `zobo_z2_A3.png`, wato aikin zoɓo, zagaye na biyu, samfuri A3. Na biyu rajista, ko a Google Sheets ko a littafi mai layi, layi ɗaya ga kowane samfuri: lambarsa, kwanan wata, sunan manhaja da sigarta, cikakken umarnin, lambar `seed`, abin da aka sauya, da abin da mai aiki ta ce. A kwafo umarnin a manna shi yadda yake, kada a taƙaita. Wanda ya rubuta «irin na farko amma kore» zai dawo bayan wata biyu bai san wane na farko yake nufi ba. In an ɗora wani hoto a matsayin abin koyi, shi ma a ajiye shi tare, domin ɓangare ne na umarnin.

Na uku shi ne wanda aka fi sakaci da shi, alhali ya fi sauran amfani: a rubuta lambar samfurin a jikin hoton kansa, a kusurwa, da manyan baƙaƙe. Dalili kuwa shi ne hanyar da aikin ke bi a wurinmu. Ana tura samfura ta WhatsApp, kuma in an tura su a matsayin hoto, manhajar kan matse su, ta sauya sunan fayil, ta zubar da bayanan da ke ɓoye a ciki. Hajiya kuma ba ita kaɗai za ta zaɓa ba. Za ta tura wa maigida da ƙanwarta da 'yarta da ke makaranta, hotunan su isa a jere daban, wani ya ɗauki hoton allo ya dawo da shi. «Na uku» a wayar 'yar ba lallai ya zama na uku a wayar mai zane ba. Amma in A3 na rubuce a kusurwa, ko ta hannu nawa hoton ya bi, zai dawo da shaidarsa. Ya ma fi kyau a jera samfura huɗun a shafi ɗaya, girmansu ɗaya, kowanne da lambarsa, domin ido ya fi iya kwatanta abin da ke gefe da gefe a kan wanda sai an ja allo. Sannan a tabbatar da zaɓin a rubuce: «Hajiya, A3 kika zaɓa da bangon A2, haka ne?»

Masu aiki da Stable Diffusion a kwamfutarsu suna da ɗan sauƙi. Manhajar AUTOMATIC1111 na rubuta umarni da duk saitin a cikin fayil ɗin PNG, kuma in ka ja hoton zuwa shafin `PNG Info` za ta karanto maka su. Tana kuma da `X/Y/Z plot`, wanda ke jera samfura a tebur da kansa, da bayanin abin da aka sauya a saman kowane layi. ComfyUI ma na ajiye tsarin aikin gaba ɗaya a cikin hoton. Amma wannan bayani na tare da fayil na asali ne kawai. In an buɗe hoton a wata manhaja an sake adana shi a JPG, galibi ya tafi. Don haka a ware jaka ɗaya ta asali wadda ba a taɓawa, a riƙa aiki da kwafi.

In aka maimaita umarni daga rajista hoton bai dawo ba, yanayin bambancin kan nuna inda matsalar take. Idan hoton ya fito daban ɗungurungum, a fara duba lambar `seed`, sai awon hoton, sai sigar manhajar. Wannan na ƙarshe kan kama mutane, domin kamfanoni na fitar da sabuwar siga su mai da ita wadda ke aiki kai tsaye, kamar yadda siga ta 7 ta Midjourney ta zo a 2025 bayan 6.1 ta 2024. Umarnin da ba a rubuta `--v` a ƙarshensa ba zai bi sigar da ke kan aiki a ranar. Idan kuwa tsarin na nan amma ƙananan abubuwa sun motsa, a Stable Diffusion sai a duba adadin matakan tacewa da lambar `CFG`, wadda ke nuna yadda manhajar za ta manne wa umarni.

Rajistar na kuma adana ilimin da aka saya da tsada. Mai zanen da ya rubuta `hibiscus` zai fi samun furen ado mai faɗin baki, kuma duk macen da ta taɓa jiƙa zoɓorodo za ta ce masa wannan ba yakuwa ba ce. In ya gano cewa `roselle calyces` ya fi kusantar abin da ake so, layin nan na rajista zai yi masa aiki a duk takardar zoɓo da za a kawo masa nan gaba.

Rubutu kuwa kada a bar wa manhajar. Sunan kaya da lambar waya da gurbin lambar NAFDAC a sa su da hannu a CorelDRAW ko Canva bayan an tsayar da hoto, domin har yanzu injinan nan na yawan ɓata baƙaƙe masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ. Kuma a sa rubutu iri ɗaya a kan duk samfuran da za a kwatanta, in ba haka ba Hajiya na iya zaɓar salon rubutu tana zaton hoto ta zaɓa. Kafin a buga dubu, a ɗaukaka hoton ya kai kimanin ɗigo 2362 a tsawo da 945 a faɗi, wanda shi ne ɗigo 300 a kowane inci ga wannan awo, a buga gwaji guda a manna a gora mai zoɓo a ciki. Jan da ke ƙyalli a allon waya yakan dushe a takarda, kuma in ya dushe, a layin A3 na rajista za a rubuta gyaran launin da aka yi kafin a kai wa mai bugawa.