Idan Tela Ya Zama Shi Kaɗai Ne Shago

A goman ƙarshe na azumi, shagunan teloli a Kano, Zariya da Maraɗi ba sa rufewa sai bayan sahur. Yadudduka sun taru har sun rufe benci, masu kaya suna zarya, tela kuma yana ta ba da haƙuri. Mutane sun saba cewa tela ba ya cika alkawari, amma yawancinsu ba da niyyar yaudara suka karɓi kayan ba. Matsalar tana ga yadda shagon ya ginu. Mutum ɗaya ne yake awo, shi yake yanka, shi yake hawa keke, shi yake guga, shi yake amsa waya, kuma a kansa kaɗai aka san wane yadi ne na wa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, shagon ma ya kwanta.

Wannan halin bai tsaya ga teloli ba. Haka mai gyaran waya yake, da mai wanki da guga, da mai girkin biki. Na zaɓi ɗinki ne domin aikinsa a fili yake, kowa yana iya bin sawunsa.

Bari mu ɗauki misalin wani tela mai ɗinkin maza, mu ƙiyasta lokacin da riga da wando guda suke ci. Awo da tattaunawa da mai kaya minti 15. Yanka minti 30. Ɗinki awa 2. Ramin maɓalli da ɗaura maɓalli minti 20, guga da ninkewa wasu 20. Sai kai aikin wuya wurin mai surfani, da sayo zare, da amsa waya, a ce minti 35 idan an raba su kan kowane kaya. Jimilla awa 4 ke nan. Idan yana aikin awa 10 a yini, kwana 6 a mako, zai fitar da kaya 15. Cikin makonni 4 na azumi kuwa, 60. To idan ya karɓi 100 saboda kunyar mayar da mutane, tun ranar da ya karɓa 40 daga ciki sun riga sun makara, komai ƙoƙarinsa.

Wannan lissafin shi ne aikin farko, kuma ba ya bukatar komai sai littafi da biro. Mai sana'a ya yi mako guda yana rubuta abin da ya yi da tsawon lokacin da ya ci. Abin da yakan fito shi ne, aikin da lallai sai hannunsa ya taɓa bai kai rabin yininsa ba. A misalinmu, awo da yanka ne kawai suke bukatar idon gwani, wato minti 45 cikin 240. Sauran duk wani zai iya yi idan an koya masa. Raba aiki gida-gida tsohuwar dabara ce: a littafinsa na 1776, masanin tattalin arziki ɗan Sukotlan, Adam Smith, ya kawo labarin wata ƙaramar masana'antar fil inda mutum 10 suke yin sama da 48,000 a yini saboda kowa ya riƙe ɓangarensa.

Teloli da yawa sun san da haka, shi ya sa suke ɗaukar yara. Amma sau da yawa sai a tarar yara uku suna zaune, maigida kuma yana nan cikin wahalarsa. Dalili shi ne kowane minti biyar akwai tambaya. "Oga, wannan hannun links ne ko sake?" "Oga, aljihu nawa?" "Oga, na wane ne wannan shuɗin?" An ba yaro aiki, amma ba a ba shi bayanin da zai yi aikin da shi ba. Daga nan sai maigida ya gaji, ya ce gara ya yi da kansa.

Maganin wannan shi ne katin aiki, kuma a ganina babu abin da ya kai shi amfani a duk tsarin. Kowane kaya da ya shigo ana ba shi lamba. A rubuta lambar a kati, a rubuta ta da alli a bayan yadin, a yanko ɗan ƙyalle a maƙala a jikin katin. A katin akwai sunan mai kaya, da yawan yadin da ya kawo, da awo a jere iri ɗaya kullum: tsayin riga, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, bakin hannu, sannan tsayin wando, ƙugu, cinya da bakin ƙafa. Sai salon wuya da na hannu, yawan aljihu, launin zaren surfani, kuɗin aiki, kafin alƙalamin da aka bayar, da ranar karɓa. Katin yana tafiya tare da yadin daga tebur zuwa keke zuwa wurin guga, kowa ya gama nasa ya sa alama.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a tsaya a kansa. Tela da ya daɗe yana aiki shi kaɗai yana rubuta awo ne don kansa. Zai rubuta ƙirji 40, ya san a ransa cewa wannan awon jiki ne, zai ƙara inci 5 ko 6 wurin yanka don riga ta sake. Wani telan kuma idan ya rubuta 46, ya riga ya haɗa da ƙarin. Idan ba a faɗa a rubuce wane ake nufi ba, ranar da wani ya karɓi almakashi zai yanka rigar da ba za ta shiga mai ita ba, kuma yadin da aka yanka ya yanku. Saboda haka shago ya tsai da doka guda: a kati awon jiki ake rubutawa, ƙarin kuma yana manne a bango kusa da teburin yanka. Haka ma faɗin da ake bari don ɗinki. Idan mai yanka ya bar rabin inci, mai keke kuma ya ci inci guda a kowane gefe, riga ta rasa inci 2 a zagayenta, kuma kowannensu zai rantse bai yi kuskure ba.

Bayan kati sai takardar yadda ake kowane aiki. Kada ta wuce shafi ɗaya. Ta guga, alal misali, za ta faɗi zafin da ya dace da kowane irin yadi, da cewa a fara gwadawa a cikin ƙasan riga inda ba a gani, da yadda ake bi ta bayan surfani don kada zare ya kwanta, da yadda ake ninki. A ƙarshenta a rubuta yadda za a gane an gama daidai. Ba dole ba ne a yi ta da boko. Wanda ajami ya fi masa sauƙi a rubuta masa da ajami, wanda ba ya karatu a ɗauki bidiyon minti 3 da waya lokacin da maigida yake aikin yana bayani. Wuya da hannu kuwa, samfurin da aka ɗinka aka rataye a bango ya fi dogon rubutu.

Hanyar gwada takardar ita ce maigida ya miƙa wa yaro, ya zauna ya yi shiru. Duk inda yaro ya tsaya ya ɗago kai, nan takardar take da giɓi, sai a cike shi nan take. Gwani ba ya ganin waɗannan giɓin da kansa, domin hannunsa ya daɗe yana yin abubuwan da bai ma san yana yi ba.

Da wane aiki za a fara sakin hannu? Da wanda kuskurensa yake gyaruwa da arha. Maɓallin da ya karkace minti 2 ne gyaransa. Ɗinkin da ya kauce a farke a sake. Amma shaddar da mutum ya sayo a Kantin Kwari da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, idan almakashi ya ci ta ba daidai ba, sai biya. Don haka a fara da aike, da maɓalli, da ninki, sai guga, sai ɗinkin wando, sai jikin riga, sai wuya. Yanka ne na ƙarshe, kuma shagon da bai sake shi ba har shekaru bai yi laifi ba. Kowane mataki yaro ya fara kallo, sannan ya yi a gaban maigida, sannan ya yi shi kaɗai a duba, daga baya a riƙa duba ɗaya cikin biyar.

Yanzu mu koma ga lissafi, da farashi na misali. A ce kuɗin ɗinki naira 10,000 ne, zare da maɓalli da man janareta suna cin 1,500, kuɗin surfani kuma mai kaya yana biya daban. Tela shi kaɗai yana samun 8,500 sau 15, wato 127,500 a mako. Idan ya tsaya ga awo da yanka da dubawa ta minti 10, kowane kaya minti 55 yake ci a wurinsa, zai iya fitar da 10 a yini. Wannan yana bukatar masu keke 2 da yaro 1 na maɓalli da guga da aike. Idan mai keke yana karɓar 3,500 kan kowane kaya, yaro 1,000, abin da ya rage wa maigida 4,000 ne. Sau 60 a mako, 240,000.

Sai dai a lura da inda lissafin yake juyawa. Kafin 4,000 ta maye gurbin 127,500, sai shago ya fitar da kaya 32 a mako. Ƙasa da haka, maigida ya ƙara mutane amma aljihunsa ya ragu, ga kuɗin ƙarin keke da wurin ajiye shi. Ɗinki kuwa aikin lokaci ne: ya cika gabanin sallah ƙarama da babba da lokacin bukukuwa, ya yi sanyi a tsakani. Shi ya sa biyan mai keke kan yawan abin da ya ɗinka ya fi albashin wata dacewa da ƙaramin shago. Amma shi ma yana da illa, domin wanda ake biya da ƙirge yana iya gaggawa. Dokar da take tsare wannan ita ce ba a ƙirga kaya sai ya wuce dubawa, gyara kuma yana kan wanda ya ɓata.

Akwai tsoron da masu sana'a ba su cika faɗa a fili ba: yaro ya iya komai, ya buɗe nasa shagon, ya tafi da masu kawo ɗinki. Zai tafi, domin dama yaye shi ne ƙarshen koyo a kowace sana'ar hannu, kuma ɓoye masa ilimi zalunci ne da ba ya ma hana tafiyar. Abin da yake kare shago shi ne littafin awo da katunan su zauna a shago, kuɗi ya bi ta hannu ɗaya da rasit, sannan kowane aiki a samu mutum biyu da suka iya shi. Idan takardun suna nan, wanda zai maye gurbi ba daga farko zai faro ba.

Alamomin da za a gane ko tsarin ya kama guda uku ne, kuma duk ana iya ƙirga su a bayan littafi: kaya nawa aka dawo da su gyara a mako, nawa suka wuce ranar alkawari, sau nawa aka katse maigida da tambaya a yini. Idan gyara iri ɗaya yana maimaituwa, a ce wuya yana matsewa, a fara duba takarda da samfuri kafin a ɗora wa yaro laifi. Lokacin da ya dace a kafa duk wannan shi ne bayan babbar sallah, sa'ad da aiki ya lafa. Maigida ya zaɓi wata Talata ya bar shago tun safe ba tare da barin sallahu ba, da yamma ya dawo ya ɗauki katunan, ya ga a kan wane mataki aiki ya tsaya. Takardar wannan matakin ita ce ta gaba da zai gyara.