Miliyan Shida a Abuja ko Dubu 350 a Kano?

Kamfanoni ba su da ma'auni ɗaya na faɗin abin da za su biya ma'aikaci. Wani zai rubuta albashin wata, wani ya rubuta na shekara, wani kuma ya tattara albashi da alawus da fansho da kuɗin asibiti ya dunƙule su cikin lamba ɗaya mai cika ido. Wanda aka miƙa wa takardun ɗaukar aiki biyu sai ya rasa ta ina zai gwada su, domin ɗaya da mudu aka auna ta, ɗaya da tiya. Mafita ita ce a mayar da kowane kuɗi zuwa na shekara guda, amma kafin a tara, a raba shi gida uku: wanda tabbas zai shigo hannu, wanda wataƙila ya zo, da wanda naka ne amma ba ka iya taɓa shi yanzu.

A ƙaddara wata matashiyar akawu ce ta sami aiki a wuri biyu. Wata masana'anta a Kano ta ce za ta riƙa biyanta naira 350,000 duk wata. Wani kamfani a Abuja ya rubuta naira miliyan 6 a shekara. Duk wanda ya raba miliyan 6 gida goma sha biyu zai ga 500,000, ya ce magana ta ƙare, ta haɗa kayanta. Ba ta ƙare ba.

A fara da Kano. Naira 350,000 sau 12 ta ba da 4,200,000. Daga cikin kuɗin watan, 150,000 ce gundarin albashi, sauran kuwa alawus ne na gida da sufuri da abinci. Wannan rabon yana da muhimmanci, saboda takardar ta yi alkawarin albashin wata na goma sha uku a Disamba, kuma a kan gundarin aka ɗora shi. Ke nan 150,000 za ta gani, ba 350,000 ba. Nan mutane da yawa suke ruɗuwa, su yi lissafin hidimar ƙarshen shekara da kuɗin da ba zai zo ba. Sai kuɗin hutu, wanda takardar ta sa kashi 10 cikin ɗari na gundarin albashin shekara, wato 180,000. Idan aka haɗa ukun, kuɗin da ba shakka a kansa ya kama 4,530,000.

Yanzu a warware miliyan shidan Abuja. Da ta nemi a ba ta dalla-dalla a rubuce, sai ga abin da ke ciki: albashin wata 380,000, wanda a shekara ya zama 4,560,000, garaɓasar ƙwazo da za ta iya kaiwa 900,000, kason fansho da kamfani ke zubawa, 360,000, da inshorar lafiya, 180,000. Lissafin ya cika daidai, babu ƙarya a ciki. Sai dai abin da tabbas zai shiga asusunta 4,560,000 ne, wato ya ɗara na Kano da naira 30,000 kacal a shekara guda.

Ina sauran ya tafi? Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wurin aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma a cire masa kashi 8, kuma mafi ƙarancin abin da ake lissafawa a kai shi ne gundarin albashi da alawus ɗin gida da na sufuri. A misalinmu waɗannan ukun sun kama 300,000 a wata a wuraren biyu, don haka masana'antar Kano ita ma za ta zuba 360,000 ɗin nan a shekara. Ba ta dai rubuta shi cikin albashi ba ne. Haka ma asibiti: ita ma tana da inshorar ma'aikata. Abin da yake nan yake can, a cire shi daga ɓangarorin biyu ko a sa shi a duka biyun. Sa shi gefe ɗaya kawai shi ne ke sa miliyan 6 ta yi wa dubu 350 kallon raini.

Garaɓasa ce ta fi wuyar aunawa, kuma a ganina a nan ya kamata mutum ya fi tsayawa. Kalmar da za a lura da ita a takarda ita ce "har zuwa". Har zuwa 900,000 ya haɗa da sifiri. Abin yi shi ne a tambayi ofishin ma'aikata: a shekaru biyu ko uku da suka wuce, nawa masu wannan matsayi suka karɓa? Da ƙoƙarin mutum ake aunawa ko da ribar kamfani? Wanda ya shiga a tsakiyar shekara, ko wanda yake watannin gwaji, yana da rabo? Tambayar ba rashin kunya ba ce, kuma wurin da ya kasa amsa ta ya riga ya ba ka amsa. A ce an gaya mata cewa yawanci rabi ake samu. Sai ta rubuta 450,000, a shafinsa daban, da fensir. Da wannan, Abuja ta tashi 5,010,000, ratar ta zama 480,000.

Wannan ratar ma ba duka ce tata ba. A sabuwar dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba ta da haraji, miliyan 2.2 da ke biye ana cire mata kashi 15, daga nan har zuwa miliyan 12 kuma kashi 18. Ayyukan biyu duk sun haura miliyan 3 ko bayan an cire kason fanshonta, saboda haka kowace naira ta ƙari kashi 18 za a zabge mata. Naira 480,000 ta koma 393,600, wato 32,800 a wata. Hanyar nan ta fi sauƙi: maimakon ka lissafa harajin kowane aiki daga tushe, duba matakin da ratar ta faɗa ka cire kasonsa. Tana aiki ne muddin albashin biyu suna mataki ɗaya.

Saura abin da ba ya cikin kowace takarda. Idan hayar da take biya a Kano 600,000 ce, kuma irin ɗakin nan a gefen Abuja, a ce Kubwa ko Lugbe, sai ta biya 1,500,000, to ƙarin 900,000 ya lanƙwame ratar sau biyu da ɗoriya, tun ba a zo kan kuɗin mota da na zuwa gida da salla ba. Dokar harajin ta yi rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar shekara, iyakarsa 500,000, amma daga kuɗin da ake ɗora wa haraji ake cire shi, ba a hannu ake bayarwa ba. A wannan misali abin da zai sauƙaƙa mata bai wuce 32,400 ba. Sannan mai gida shekara guda yake karɓa a dunƙule, albashi kuwa wata-wata yake zuwa, don haka sai ta tambaya ko kamfanin yana ba da alawus ɗin gida gaba ɗaya a farkon shekara, kamar yadda wasu bankuna suke yi.

Lissafin bai ce kada ta tafi Abuja ba. Mai yiwuwa can ne ƙarin girma ya fi sauri, ko aikin ya fi koyar da ita, kuma wannan ba ya shiga jimilla. Amma yanzu ta san cewa idan ta tafi, za ta yi shekarar farko da ƙarancin kusan rabin miliyan a hannunta, ko da rabin garaɓasar ya zo. Ta kuma san abin da za ta nema in ta koma teburin ciniki: a mayar da wani ɓangare na 900,000 ɗin nan cikin albashin wata, ko a ɗauke mata hayar shekarar farko, a kuma rubuta shi a takarda kafin ta sa hannu.