Me ya sa ƙanƙara ke tasowa saman ruwa, kuma me ke fasa kwalba a firiza?

 Yau ba zancen siyasa, zancen ƙanƙara za mu yi.

Duk wanda ya san Katsina a watan Afrilu ya san darajar ƙanƙara, balle in azumi ya faɗo cikin zafi. A Ƙofar Marusa, kamar sauran unguwannin cikin birni, akwai gidajen da firiza ɗaya ce jarinsu kaf. Uwa ta dama zoɓo da kunun aya, ta ƙulla ruwa a leda, yara su fita da kula. To a irin waɗannan gidaje akwai asarar da aka ɗauke ta kamar ƙaddara: a buɗe firiza da safe a tarar kwalbar lemo ta tarwatse, gorar zoɓo ta tsage ta ɓata sauran kaya. Sai a ce wai firizar ce ta yi ƙarfi, ko wutar da aka kawo ta yi yawa. Ni dai na ce ba laifin firiza ba ne. Ruwan ne da kansa, kuma abin da ke fasa kwalbar shi ne dai abin da ke sa ƙanƙara ta taso saman kofi.

Mu fara da abin da kowa ya taɓa gani. Ku narka kyandir ko man kaɗe ku zuba a gwangwani ku bar shi ya daskare. Za ku ga tsakiyarsa ta lotsa, wato ya tsuke. Ku jefa guntun kyandir a cikin narkakken kyandir, nutsewa zai yi. Kusan duk abin da ke duniya haka yake: in ya daskare sai ya matse, ya rage cin wuri. Ruwa kuwa ya ƙi bin wannan layi. In ya daskare kumbura yake yi, da kusan kashi 9 cikin 100. Lita ɗaya ta ruwa, in ta zama ƙanƙara, tana neman wurin lita ɗaya da kusan mililita 90.

Ku lura, nauyin bai canja ba. Kilo ɗaya ka saka, kilo ɗaya za ka fitar. Wurin da take ci ne ya ƙaru. Shi ya sa in ka yanki ƙanƙara mai girman lita ɗaya daidai ka ɗora a sikeli, giram 917 za ka gani, alhali ruwa mai wannan girman giram 1,000 ne. Abin da ya fi ruwa sauƙi, girma da girma, dole ya taso. Amma da yake bambancin kaɗan ne, kanta kawai ke leƙowa, kusan kashi tara cikin goma na ƙasa. Dutsen ƙanƙarar da jirgin Titanic ya yi karo da shi a 1912 haka yake, abin da ido ke gani ɗan kaɗan ne.

Na sha jin ana cewa wai iskar da ke cikin ƙanƙara ce ke ɗago ta, wannan fari-farin da ake gani a tsakiya. Iskar na nan, gaskiya ne, amma ba ita ba ce dalili. Ƙanƙara garau mai kama da gilashi, wadda ba ko ɗigon iska a cikinta, ita ma tasowa take yi.

To me ke kumbura ta? Ruwa ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, waɗanda muke rubutawa H2O a makaranta. In ruwa yana ruwansa, ƙwayoyin nan suna cakuɗe, wannan ya kama wancan ya saki, suna gogar juna. Ku tuna lokacin firamare, in an tashi tara, yara sun yi cincirindo a gaban mai awara, ɗan wuri kaɗan ya ishe su. Sai aka kaɗa ƙararrawa, malam ya ce kowa ya shiga layi ya miƙa hannu. Yaran nan dai su ne, ba wanda ya ƙaru, amma yanzu sun cika fili. Haka ruwa yake in sanyi ya kai digiri 0. Kowace ƙwaya sai ta riƙe maƙwabta huɗu, riƙo mai tsari, su yi zobe-zobe mai kusurwa shida da fili a tsakiya. Wannan filin da ba komai a cikinsa shi ne kashi taran nan. Hasali ma ruwa yana fara wannan shiri tun kafin ya daskare: yana tsukewa in yana sanyi har ya kai digiri 4, daga nan sai ya fara buɗewa a hankali.

Yanzu mu koma cikin firiza, mu yi lissafi. Gorar roba mai cin santilita 50, irin wadda ake wankewa a zuba zoɓo. In aka cika ta har baki aka murɗe murfi, abin da ke ciki zai nemi wurin santilita 54 da rabi in ya daskare duka. Ina zai samo huɗu da rabin nan? Babu. Sai gindin gorar ya bultso ta kasa tsayuwa, ko murfin ya tsage, ko ta yage ta gefe. Amma in santilita 45 aka zuba, zai kumbura zuwa 49, ya zauna lafiya. Wato ka bar kashi ɗaya cikin goma na gorar ba komai, ka ɗan matse ta kafin ka rufe don iskar da ke sama ta ragu. Na san mai saye yana son ya ga gora cike, kuma mai sayarwa tana tsoron a ce ta yi ƙwange. Amma gora ɗaya da ta fashe ta jiƙa sauran kaya ta fi wannan ɗan ragin tsada.

Ledar fiya wata kuwa ba ta cika fashewa ba, don leda tana miƙewa, kuma ba a cika ta tam. Shi ya sa take fitowa a kumbure kamar ƙwallo. Wadda ta fashe, ku duba, yawanci ta wajen liƙin ne.

Kwalbar gilashi ita ce mai haɗari, don gilashi ba ya miƙewa ko kaɗan. Kuma ga yadda abin ke faruwa. Sanyi daga waje yake shiga, saboda haka jikin kwalbar da wuyanta su ke fara daskarewa. In wuya ya toshe, ruwan da ya rage a tsakiya ya shiga kurkuku. Ƙanƙara na ci gaba da girma tana cin wurinsa, shi kuma ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Kafin ka matse ruwa ya ragu da kashi ɗaya tak cikin 100, sai ka danna shi da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar da ke kanmu fiye da sau 200. Don ku gane, iskar tayar ƙaramar mota sau biyu da 'yan kai ce kawai. To ga ruwa yana neman kashi tara, ba ɗaya ba. Wace kwalba ce za ta jure? Tun a ƙarni na 17 masana a birnin Florence na Italiya suka cika ƙwallayen ƙarfe da ruwa, suka toshe, suka daskarar, ƙarfen ya tsage. In lemo ne mai gas abin ya fi muni, domin ƙanƙara ba ta riƙe gas, korar sa take yi, sai ya taru ya ƙara matsi. Shi ya sa kwalbar lemo ba tsagewa kawai take yi ba, tarwatsewa take yi. Idan kun tarar da wadda ta daskare ba ta fashe ba, kar yaro ya ɗauka, kar a zuba mata ruwan zafi. A naɗe ta da tsumma a ajiye gefe ta narke da kanta. In kuma ta riga ta fashe, duk ƙanƙarar da ke kusa da ita a zubar, don ɓarɓashin gilashi a cikin ƙanƙara ido ba ya ganinsa.

Wani abu da nake so masu sana'ar kunun aya su riƙe: ba kowane kumburi ne na ƙanƙara ba. In gora ta kumbura kuma abin ciki ya daskare tauri, wannan lissafin da muka yi ne, kunun lafiyarsa ƙalau. In kuwa ta kumbura alhali kunun ruwa ne, aka buɗe ta yi tsiit da kumfa da tsami, wannan lalacewa ce. Wuta ta ɗauke, kunu ya ɗumama, ƙwayoyin halitta suka ci sukarin suka saki gas. Mayar da shi firiza ba zai gyara shi ba.

Saura bututu. A nan Katsina, ko a tsakiyar hunturu, ruwan famfo ba ya daskarewa. Muna rawar ɗari, muna hura wuta, amma sanyinmu bai kai digiri 0 ba. Saboda haka in bututu ya fashe a gidanku, ku nemi dalilin wani wuri, rana ce ta cinye robar ko mota ta taka. Amma 'yan uwanmu da ke karatu ko aiki a Rasha, Turkiyya, Ingila ko Kanada, wannan nasu ne. A watan Fabrairu na 2021 sanyi mai tsanani ya sauka a jihar Texas ta Amurka, wuta ta ɗauke, bututu suka yi ta fashewa a gidaje, miliyoyin mutane suka shiga matsalar ruwa.

Abin mamakin shi ne, sau da yawa bututun ba a inda ƙanƙarar take yake fashewa ba. Labarin wuyan kwalba ne dai. Ƙanƙara ta toshe wani wuri, misali inda bututun ya bi ta bangon waje. Tana girma tana tsawo, tana tura ruwan da ke gabanta. Ta ɓangaren babban layi ruwan yana da wurin komawa. Ta ɓangaren famfo kuwa a rufe yake, sai matsi ya yi ta hawa har bututun ya tsage a inda ya fi rauni, wataƙila can cikin ɗaki inda ba ko sanyi. Kuma mai gida ba zai sani ba a lokacin, domin ƙanƙarar ta tare ruwa. Sai gari ya ɗumama ta narke, sannan ruwa ya ɓalle ta silin. Alamar farko ita ce ka buɗe famfo da safen sanyi ka ga ba ruwa, ko yana zuwa siriri. A nan sai a rufe babban makunnin ruwan gidan tukuna, a bar famfon a buɗe, a ɗumama bututun a hankali daga bakin famfo zuwa baya, ba da harshen wuta ba.

Shi ya sa a can ake barin famfo yana ɗiga a daren da sanyi ya tsananta. Mutumin Katsina da ya san kuɗin jarkar mai ruwa zai ce wannan almubazzaranci ne. Amma ɗigon nan ƙofa ce aka bar wa matsi ya fita. Ko da ƙanƙara ta kama cikin bututun, ruwan da take turawa yana da mafita, kamar dai santilita biyar ɗin nan da muka bari a saman gorar zoɓo.