Fayyace Baƙin Kalmomin Likitanci ta Hanyar Ɗafi da Saiwa: Darasi daga Mashi

1.0 Gabatarwa

Ɗalibi ɗan Mashi da ke karatu a makarantar koyon aikin kiwon lafiya ta Daura da Ingilishi yake rubuta jarrabawa, alhali da Hausa zai saurari majinyata idan ya koma gida aiki. Mafi yawan kalmomin da ke tsare shi a jarrabawar kuwa daga Girkanci da Latin aka ƙera su. Wannan maƙala ta nuna cewa ilimin ƙirar kalma na iya buɗe masa ma'anarsu, muddin ya san ta inda ake farawa da kuma inda dabarar ta tsaya. An kawo misalan kamar yadda ɗalibi ke ganin su a allon kwamfuta.

2.0 Ta Ina Ake Farawa?

Rarraba kalma ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Wanda ya san "rubuta" zai gane "marubuci" ko da bai taɓa jin ta ba, domin ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i sun shaida masa mai aikatawa ake nufi. Bambancin yana ga tsarin jeri. A "ciwon ciki" da "hawan jini", abin da ya faru ne ke gaba, sashen jiki ya biyo baya. A kalmomin likitanci kuwa abin da ya faru yakan zauna a ƙarshe. Saboda haka ta ƙeya ya kamata a fara. A *hepatitis*, ɗafa-ƙeyar *-itis* na nufin kumburi, saiwar *hepat-* kuma hanta, sai a sami "kumburin hanta".

3.0 Warware Tambaya Guda

A ɗauka tambaya ta ce an kawo yaro mai tsananin tamowa asibitin Mashi, an same shi da *hypoglycaemia* da *hepatosplenomegaly*, an kuma nemi a faɗi wanda za a fara magancewa.

Kalma ta biyu ta fi tsawo da ban tsoro. Ƙeyarta *-megaly* na nufin girma fiye da ƙima, *hepat-* hanta ce, *splen-* kuma saifa. Wasalin *o* da ke tsakaninsu mahaɗi ne kawai, ba shi da ma'anar kansa. Ke nan hanta da saifa sun yi girma, alamar da ke buƙatar bincike, domin zazzaɓin cizon sauro na daga cikin abubuwan da ke kawo ta.

Kalma ta farko kashi uku ce: *-aemia* na nuni ga jini, *glyc-* ga zaƙi, wato sukari, *hypo-* kuma ƙasa da ƙima. Ma'anarta ƙarancin sukari a jini. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, yaro mai tsananin tamowa ya shiga wannan hali idan sukarin jininsa ya gaza 3 mmol/L, kuma nan take ake ba shi ruwan sukari ko abinci, domin jinkiri na iya kai shi ga suma ko rasa rai. Ita ce amsar.

A nan ne haɗari yake. *Hypo-* da *hyper-* kishiyoyi ne, na biyun yana nufin sama da ƙima, kamar a *hypertension*, hawan jini. Wanda ya musanya su zai hana yaron abin da zai cece shi. Hanyar gano kuskuren ita ce a mayar da ma'anar cikin tambayar: yaron da yunwa ta rame shi, ƙarancin sukari ya fi kama da halinsa.

4.0 Iyakar Dabarar

Asalin kalma ba kullum yake daidai da ma'anarta ta yau ba. *Anaemia* a zahiri "babu jini" take nufi, amma ƙarancin jini ake kira haka. *Malaria* daga Italiyanci take, ma'anarta "mummunar iska", suna ne da ya girmi gano cewa sauro ke yaɗa cutar, abin da Ronald Ross ya tabbatar a 1897.

Haka nan fassarar ɗafi da saiwa ba ta kai mutum ga sunan da Hausawa suka sani. *Meningitis* kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne. Bahaushe kuwa "sanƙarau" ya ce, domin sanƙarewar wuya ya gani. Sunan farko ya dubi gurbin cutar, na biyu ya dubi alamarta.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ana farawa da ɗafa-ƙeya, a dubi ɗafa-goshi da saiwa, sannan a auna abin da aka samu da sauran bayanin tambaya. Wannan ya ishi ɗalibi fahimtar abin da aka tambaye shi. Amma gaban uwar da ta kawo ɗanta daga wani ƙauyen Mashi, sunan da ta sani zai nema, kuma tattara waɗannan sunaye tare da tantance iyakar ma'anarsu aiki ne da ya hau kan masu nazarin Hausa.