Ƙullin Masa: Tsami da Rashin Tashi

Kun taɓa sayen masa da safe, kuka kai baki, sai tsami ya sa kuka yamutsa fuska? Wata rana kuma masar ta zo muku a shafe, ta yi nauyi, cikinta kamar tuwo. Mutane kan ɗora laifin a kan shinkafa ko tanda, amma galibi laifin na lokaci ne, wato tsawon sa'o'in da ƙulli ya yi a ajiye kafin a soya shi.

Masa, wadda Kanawa suka fi kira waina, da shinkafar tuwo aka fi yin ta. Ana wanke shinkafar a jiƙa ta kamar sa'a shida, ko ta kwana a ruwa. Sai a dafa wata 'yar kaɗan ta yi laushi, a bari ta huce, a haɗa da jiƙaƙƙiyar a kai inji a markaɗa. Abin da ya fito shi ake kira ƙulli. Ana zuba masa yis, a juya, a rufe, a ajiye a wuri mai ɗumi har ya tashi.

A cikin wannan rufaffen mazubi akwai ma'aikata iri biyu waɗanda ido ba ya gani. Na farko shi ne yis. Yis abu ne mai rai, yana cin sukarin da ke cikin ƙulli, yana fitar da iska. Iskar nan ce take maƙalewa a cikin ƙullin, ta kumbura shi, kuma ita ce ke barin 'yan ramukan da kuke gani idan kun raba masa biyu. Na biyu wasu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da suke zuwa da kansu daga jikin shinkafa, da ruwan jiƙo, da mazubi. Su ma sukari suke ci, amma abin da suka fi fitarwa tsami ne. Danginsu ne suke sa madara ta zama nono, su ne kuma suke tsamama kamu, wanda Yarabawa ke kira ogi.

Ma'aikatan nan biyu ba tafiyarsu ɗaya ba. Yis ɗin da aka zuba yana da yawa tun farko, don haka shi ke fara aiki gadan-gadan. Masu tsami kuwa kaɗan suke farawa, suna ƙaruwa a hankali, sai daga baya ƙarfinsu ya bayyana. Akwai wani lokaci a tsakiya da ƙulli ya cika da iska, tsaminsa kuma bai wuce ɗan kaɗan mai daɗi ba. A wannan lokaci ake son ɗora tanda.

Idan kuka yi gaggawa, iskar ba ta taru ba tukuna. Ƙullin zai yi shiru, babu kumfa, yana ƙamshin ɗanyen gari, masar kuma ta fito a cushe. Abin da ke rikita sabon hannu shi ne, ƙullin da ya wuce lokaci shi ma masarsa ba ta tashi. Ƙullin shinkafa ba shi da danƙo irin na kwaɓin fulawa, saboda haka ba ya iya riƙe iska na dogon lokaci. Idan ya kai ƙarshen tashinsa, sai kumfar ta riƙa fashewa, iskar ta fice, ya koma ƙasa. A lokacin sukarin ya kusa ƙarewa, yis ya yi rauni, ƙullin ya tsinke, tsami ya yi yawa. Ke nan masa mai tsami da masa marar tashi sau da yawa daga roba ɗaya suke fitowa.

Ga yadda za ku bambance. Ku duba jikin robar. Idan akwai alamar busasshen ƙulli a sama da inda ƙullin yake yanzu, to ya tashi ya faɗa, an makara. Idan jikin robar fes yake, ƙullin yana nan inda aka bar shi, to bai tashi ba. Wanda ya yi daidai kuwa ya ƙaru sosai, samansa cike da ƙananan ƙofofi, idan an sa ludayi za a ji shi sakayau.

To sa'a nawa ke nan? A nan ne zafi ya shigo. Ma'aikatan nan sun fi sauri idan ɗumi ya kai wajen digiri 30, sanyi kuma yana rage musu gudu ƙwarai. Mu ɗauki misali. A ce kun jiƙa shinkafa gwangwani huɗu, kun dafa rabin gwangwani, kun markaɗa, kun zuba yis ƙaramin cokali ɗaya da ƙarfe 9 na dare, kuna nufin suya da ƙarfe 6 na safe. Sa'a tara ke nan. A Kano cikin watan Afrilu, lokacin bazara, ɗaki ba ya hucewa ko da dare. Ƙullin zai iya kai ƙarshen tashinsa cikin sa'a uku zuwa biyar, wato tun tsakar dare. Kafin asuba ya faɗa, ya yi tsami. Amma a watan Janairu, cikin hunturu, wannan ƙulli da wannan awo zai iya cinye sa'a taran nan cif kafin ya yi daidai, wani lokaci ma a wayi gari bai gama ba.

Gyaran bazara shi ne a rage yis zuwa rabin cokali, ko a jinkirta zuba shi, ko a sa ƙullin a firiji da zarar ya tashi. Firiji ba ya tsayar da tsami ɗungurungum, yana dai rage masa sauri. Gyaran hunturu kuwa shi ne a dama yis da ruwan ɗumi da ɗan sukari, a rufe robar da bargo, a ajiye ta kusa da murhu. Ruwan ɗumi na ce, ba tafasasshe ba. Zafin da ya kai digiri 60 yana kashe yis, kuma mataccen yis ko kwana nawa za a jira ba zai tayar da ƙulli ba. Shi ya sa ake barin dafaffiyar shinkafa ta huce. Ku da kuke Legas ko Fatakwal, inda ɗumi ba ya yankewa, lissafin bazara ya fi dacewa da ku, mutanen Jos kuwa sun fi kusa da na hunturu.

Idan tsamin ya riga ya shiga, masu sana'ar masa suna jiƙa kanwa, su tace ruwanta, su zuba kaɗan-kaɗan suna ɗanɗanawa. Kanwa tana kashe tsami, kuma haɗuwarta da tsamin yana tayar da sabuwar kumfa. Sai dai kumfar ba ta daɗewa, don haka dab da suya ake zuba ta, tare da gishiri da sukari. A yi hattara da ita. Idan ta yi yawa masar za ta yi rawaya, ta yi bauri, a ganina kuma wannan ya fi tsamin muni. Kafin ku ƙara ko cokali ɗaya, ku soya guda ɗaya a gurbin tanda, ku raba ta biyu, ku duba ramukan, ku ɗanɗana.