Yadda ake gano waƙar fim ta hanyar labari, shekara da lokacin da ta zo

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sukan tuna wata waƙa da suka gani shekaru da dama, amma su kasa nemo ta, domin ba su riƙe ko kalma ɗaya daga baitocinta ba. Abin da ke saura a ƙwaƙwalwa shi ne hoton fitowar: wa ke rawa, a ina, me ya faru bayan haka. Wannan kaɗai ya isa, muddin aka fara da neman fim ɗin kafin waƙar.

Misali, mutum ya tuna wata budurwa tana rawa a tsakanin duwatsu gaban 'yan fashi, an ɗaure saurayinta, an kuma farfasa kwalabe a ƙarƙashin ƙafafunta.

Matakin farko shi ne tace labarin. Soyayya da 'yan fashi sun cika finafinan Indiya, saboda haka ba za su raba gardama ba. Abin da ake nema shi ne wanda ba kasafai ake ganinsa ba, kamar rawa a kan fasassun kwalabe. Idan mai neman ya ƙara tuna cewa akwai tsohon ɗan sanda da aka yanke wa hannuwa biyu, wanda ya ɗauko ɓarayi biyu domin su kama masa shugaban 'yan fashin, to magana ta ƙare. Fim ɗin shi ne Sholay na Ramesh Sippy, wanda ya fito a 1975.

Sanin fim bai kammala aikin ba, domin sau biyu ake rawa gaban ɗan fashin nan Gabbar Singh. A nan lokacin da waƙar ta zo yake amfani. Ta farko da dare aka yi ta a wani sansani, ana tsakiyar labari, Helen ce ke rawa, kuma abokan nan biyu sun kawo farmaki a ƙarshenta. Wannan ita ce "Mehbooba Mehbooba", wadda R. D. Burman ya rera da kansa. Ta biyu da rana tsaka aka yi ta, dab da faɗan ƙarshe. Hema Malini, a matsayin Basanti, ita ke rawa domin ceton ran Veeru, wato Dharmendra. Wannan ita ce "Jab Tak Hai Jaan", da muryar Lata Mangeshkar, kuma ita ce ta kwalaben.

Shekara kuwa tana da tarko. Shekarar da mutum ya kalli fim a silima, ko a kaset, ko a talbijin, ba lallai ba ne ita ce shekarar fitowarsa. Wanda ya ga Sholay a kaset a 1990 yana iya ɓata lokaci yana bincike a finafinan wannan shekara, alhali fim ɗin ya riga ya shekara 15 a lokacin. Abin da shekarar kallo ke tabbatarwa kawai shi ne fim ɗin bai fito bayanta ba, don haka baya ake komawa.

Inda shekara ta fi tasiri shi ne wurin finafinan da aka sake yi. An yi Don a 1978 da Amitabh Bachchan, aka sake yin sa a 2006 da Shah Rukh Khan, labarin kusan ɗaya. A duka biyun akwai matar da ke rawa a ɗaki domin ta riƙe Don har 'yan sanda su iso, sunan waƙar ma ɗaya ne, "Yeh Mera Dil". A ta 1978 Helen ce ta yi rawa, Asha Bhosle ta rera. A ta 2006 Kareena Kapoor ce, da muryar Sunidhi Chauhan. Labari da lokacin fitowa ba za su bambance su ba, sai shekara ko fuskar jarumin.

Akwai kurakurai biyu da ake yawan yi. Na farko, neman waƙa da sunan wanda aka gani yana motsa baki, alhali a mafi yawan finafinan Indiya wasu mawaƙa ne daban ke rerawa a bayan fage. Na biyu, dogaro da sunan Hausa da masu kallo ko masu fassara suka laƙaba wa fim, wanda ba za a same shi a jerin waƙoƙin asali ba. Sunan jarumi haɗe da abin da aka tuna na labarin ya fi saurin kai mutum ga sunan asali.

Bayan an samu sunan da ake zato, a nemo bidiyon fitowar a kalla, kada a tsaya ga sauti kawai. Idan wurin, da mai rawar, da abin da ya biyo baya suka dace da abin da aka tuna, an gano waƙar. Idan ɗaya ya saɓa, sai a duba sauran waƙoƙin fim ɗin, ko a bincika ko an taɓa sake yin sa.