In Za Ka Makara, Faɗi Ƙarfe Nawa Za Ka Iso

Mutumin da yake jiran ka abu ɗaya yake son sani, wato ko ya ci gaba da zama ko ya tashi ya yi wani abin ya dawo. Saƙon da ke cewa "ga ni nan tafe" ko "na kusa" ba ya ba shi wannan amsa. Wanda ya rubuta shi yana iya kasancewa a bakin layi, yana kuma iya kasancewa bai fito daga wanka ba. Shi kuwa mai jira ya ɗaure kansa a kujera, ya kasa zuwa banki, ya kasa sallamar wani baƙon, yana ta leƙa ƙofa. Duk saƙon makara da bai ƙunshi sabon lokaci a cikinsa ba, a ganina, bai yi aikinsa ba, ko da an cika shi da ban haƙuri.

Bari mu bi misali guda tun daga tushe. A ce wani matashi mai haɗa wutar sola a Zariya ya yi alkawari da wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari, a Kano, cewa zai je ya duba masa batura da ƙarfe 11:00 na safe. Mu ɗauka cewa tafiyar mota daga Kwangila zuwa tashar Unguwa Uku tana cin sa awa biyu da rabi a ranar da hanya take lafiya, daga nan kuma a daidaita sahu ya kai shi kasuwa cikin rabin awa. Ke nan awa uku yake buƙata, kuma dole motar ta tashi da ƙarfe 8:00 in yana son cika alkawari. Ya isa tasha da wuri, ya biya kuɗin kujera, amma fasinja ba su cika ba. Ƙarfe 8:20 ta yi, 'yan kamasho suna ta kiran saura mutum uku.

A daidai wannan minti ya riga ya makara, ko da yake saura fiye da awa biyu da rabi lokacin alkawarin ya yi. Nan ne yawancinmu muke kuskure. Muna jira sai 11:00 ta gota, ko sai mai jira ya kira da fushi, sannan mu fara bayani. Alhali saƙon da ya isa da ƙarfe 8:20 yana ba Alhaji damar sake tsara safiyarsa gaba ɗaya, wanda ya isa da 11:15 kuwa labarin abin da ya riga ya gani da idonsa kawai yake ba shi.

To amma da ƙarfe 8:20 matashin bai san yaushe motar za ta cika ba, don haka ba shi da sabon lokacin da zai faɗa. Abin da ya dace shi ne ya raba saƙon gida biyu. Na farko gargaɗi ne: "Salam Alhaji, mai sola ne daga Zariya. Ina tasha, mota ba ta cika ba, ba zan samu 11:00 ba. Da ta tashi zan faɗi lokacin isowata." Wannan ya isa ya sa Alhaji ya daina sa ran ganin sa da safe. Na biyu kuma sai mota ta ɗau hanya, lokacin da lissafi ya yiwu.

A ce ta tashi da ƙarfe 9:40. A ɗora awa biyu da rabi, ya zama 12:10 a Unguwa Uku. A ƙara rabin awar a daidaita sahu, 12:40. Mutum mai son faranta rai zai rubuta 12:30, ko ma ya ce sha biyu, don lambar ta fi daɗin ji. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane, domin makara ta biyu ta fi ta farko ɓata rai: ta farko laifin tasha ce, ta biyu kuwa maganarka ce ta faɗi ƙasa. Lissafin 12:40 ɗin ma ya ɗauka cewa direba ba zai tsaya shan mai ba, ba za a daɗe a shingen jami'an tsaro ba, ba za a sauke fasinja da kaya a Kwanar Dangora ko Kura ba, kuma ba cunkoso a Na'ibawa. Da wuya a tsallake duka waɗannan a rana ɗaya. Sai ya ƙara minti ashirin, ya ce ƙarfe 1:00. Idan ya iso 12:45, ba wanda zai yi ƙorafi.

Ga saƙon na biyu kamar yadda zai buga shi a waya: "Salam Alhaji, mai sola ne daga Zariya. Zan makara, mota sai 9:40 ta tashi. Zan iso shago karfe 1:00 in sha Allah. A yi hakuri. In bai yi ba a sanar da ni."

Ya fara da faɗin ko shi wane ne, domin ba lallai Alhaji ya ajiye lambarsa ba, kuma ɗan kasuwa yana iya jiran mutum biyar a rana guda. Dalilin ya tsaya a kalmomi kaɗan. Ba a buƙatar tarihin yadda aka yi da direba, kuma dogon uzuri yakan sa mai karatu ya fara zargin ko ƙirƙirarsa aka yi. Lokacin an rubuta shi da lamba, an kuma faɗi wurin da za a iso, shago, tun da isowa Kano daban, isowa gaban mutum daban. "In sha Allah" ta zo bayan lambar, ba ta maye gurbinta ba. Jimlar ƙarshe ita ce mutane suka fi mantawa, ita ce kuma ta fi nuna ladabi. Wanda ya makara ba shi ke da ikon yanke sabon lokaci shi kaɗai ba. Ƙarfe 1:00 ta matso kusa da Azahar, wataƙila Alhaji ya fi son a haɗu da ƙarfe 2:30 bayan an yi salla an ci abinci, wataƙila kuma ya ce a bari sai gobe, kafin matashin ya yi nisa da gida.

Tun da an ambaci salla, mu Hausawa mun saba auna yini da ita, kuma babu laifi a hakan tsakanin mutanen da suka san juna. Sai dai "bayan La'asar" fili ne mai faɗi da ya miƙe har zuwa Magariba, kuma masallatai ba sa tsai da jam'i a minti guda. Wanda ya riga ya saɓa alkawari sau ɗaya a ranar bai kamata ya ba da lokaci mai faɗin awa biyu ba. In har za a ambaci salla, a haɗa da lamba: bayan La'asar, ƙarfe 4:30. Ranar Juma'a kuma a tuna cewa ana toshe wasu tituna a kusa da manyan masallatai lokacin huɗuba da salla, don haka rabin awar cikin gari tana iya ninkawa.

Mai karatu zai lura cewa a saƙon na biyu an rubuta "karfe" da "hakuri" ba tare da lanƙwasar ƙ ba. Da gangan ne. Saƙon tes guda ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, muddin haruffan boko na yau da kullum ne. Da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ ko da guda ɗaya ce, wayar tana komawa wani tsarin rubutu da ke ɗaukar haruffa 70 kacal. Saƙon da ke sama bai kai 160 ba, zai tafi a matsayin guda ɗaya, amma da an sa masa lanƙwasa sai ya rabu uku, a caje ka kuɗin uku. A WhatsApp wannan matsala ba ta taso ba, a rubuta Hausa yadda take.

Sai dai WhatsApp yana da nasa rami. Turawa daban, isa daban, kuma a kan babbar hanya sabis yakan ɗauke. Idan ƙaramin hoton agogo ne a gefen saƙon, bai ma bar wayarka ba. Maki ɗaya yana nufin ya fita amma bai shiga wayar mutumin ba, wataƙila datarsa a kashe take. Maki biyu ya shiga, in sun koma shuɗi an buɗe shi, ko da yake wasu suna kashe wannan alamar. Idan minti goma suka wuce kana ganin maki ɗaya, ka tura tes, ko ka kira. Akwai kuma damar nuna wa mutum inda kake kai tsaye a taswira, na minti 15 ko awa 1 ko awa 8, amma tana cin caji, kuma tana ɗora wa mai jira aikin lissafin da kai ya kamata ka yi masa. Saƙon murya ya fi dacewa da wanda karatu ke yi wa wuya, da sharaɗin a faɗi lokacin a farkon magana, don ba kowa ke iya sauraron minti biyu a tsakiyar ciniki ba.

Wani lokacin ma rubutu bai isa ba. Mahaifi, suruki, malami ko maigidan da ya girme ka sosai, kiran waya ya fi dacewa da su, a gaisa a taƙaice, a ce "Baba, a yi mini afuwa, sai ƙarfe ɗaya zan iso." Bayan kiran ana iya bin sa da tes don lambar ta zauna a rubuce. Filashin kuwa ba sanarwa ba ce, ka makara kuma ka sa shi ya kashe katinsa don ya ji dalili. Akwai kuma al'amuran da ba sa jiran kowa, kamar ɗaurin aure ko jana'iza, waɗanda akan kammala cikin 'yan mintoci. A nan saƙon ya sauya: kada a jira ni, zan same ku a gida da ƙarfe kaza. Idan kai ne ke tuƙi, ka sauka gefen hanya ka tsaya kafin ka taɓa waya, ko ka miƙa wa na kusa da kai ya rubuta. Latsa waya a kan sitiyari laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke cin tara a kansa.

Saura abu ɗaya, idan sabon lokacin ma ya gagara. A ce taya ta fashe kafin Kura, matashin ya duba agogo ya ga 12:05, ya san 1:00 ta kuɓuce. Yanzu zai sake rubutu, ba sai ɗayan ta buga ba, kuma wannan karon ya kira, ya faɗi inda yake, ya ba da lamba mai yalwar sarari, ƙarfe 2:00, ya bar wa Alhaji zaɓi. Kunyar sake turawa ce ke sa mutane yin shiru ko kashe waya, kuma shirun ne ke kashe ciniki. Ɗan kasuwa yana iya haƙura da makarar awa uku idan ya san da ita tun da safe, amma da wuya ya sake kiran wanda ya bar shi yana jira ba labari.